Kwalba Ɗaya Ta Man Gyaɗa

Har yau idan na ji wani yana cewa ya samo sana'ar da ribarta ta ninka uwar kuɗi, sai in ji raina ya ɓaci. Yayana ne ya jawo mini wannan, a shekarar da na koma gidanmu a Ɗanzomo wankan jegon fari. Lokacin naira ba ta daɗe da fitowa ba, kowa da sule da sisi yake magana.

Innarmu mai ƙuli-ƙuli ce tun kafin a haife ni. Tiya biyu take yi kullum, ba ta ƙarawa. Da wannan ta sayi akuya, akuya ta zama awaki, awaki suka zama saniya guda da ke hannun wani Bafulatani a bayan gari. Ita ce duk abin da ta mallaka, kuma saniyar tana da ciki a lokacin.

Yaya kuwa ya yi wata bakwai yana tsaron kanti a Gumel, ya dawo da agogo da biro a aljihun gaba, shi ke nan ya zama masanin ciniki. Rannan bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya zayyana wa Baba dabararsa. A sayar da saniyar Inna a sayi gyaɗa buhu-buhu, a riƙa yin tiya ashirin kullum, shi kuma ya kai man gyaɗan Gagarawa Tasha ya sayar wa fatake masu shiga jirgin ƙasa zuwa Kano.

"Baba, duba ka gani," in ji shi. "Tiyar gyaɗa sule biyu. Tiya ɗaya tana ba da kwalba ɗaya. Kwalba sule bakwai. Sule biyar ke nan a kowace kwalba, ba wahala."

Baba ya gyaɗa kai yana murmushi. Ina gindin turmi ina ba jaririyata nono, na ji Inna ta daina sheƙe gyaɗar da ke faifanta.

To Yaya ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Wancan" take ce masa. Saboda haka ni ta kira, da murya yadda zai ji.

"Ke, tambayi wancan, gyaɗar sule biyun nan, mai ɓawo ce ko ɓararriya?"

Na tambaye shi. Ya ce ai gyaɗa gyaɗa ce.

Inna ta tashi. Ta ɗebo tiya uku mai ɓawo ta zube a tabarma, muka ɓare ni da ita. Da ta auna tsabar, da ƙyar ta cika tiya ɗaya. Wato mutumin nan kuɗin mai ɓawo ya ɗauka, ya haɗa shi da man da ɓararriya take bayarwa. Wanda ya girma a gidan da ake ƙuli kullum safiya, bai taɓa sunkuyawa ya ga abin da ake yi ba, sai dai a miƙa masa ya ci.

Washegari ta yi aikin tiyar nan guda ɗaya a gabansa. Ta soya, ta murje, ta fece, na taya ta daka. Ta yayyafa ruwan zafi tana juyawa har mai ya taso, ta matse, ta mulmula tunkuzar ta soya ƙuli, ta juye man da ya rage a kwalba. Man ya tsaya a wuyan kwalbar. Sannan ta ɗebo ɓawon gyaɗa tana jerawa a ƙasa, kowane ɓawo sisi.

"Tsaba tiya ɗaya, sule shida," ta ce da ni, ta ajiye goma sha biyu. "Itace, sisi. Tiya ashirin ba hannuna da naki ne za su daka ba, sai an ɗauko mata, sisi. Kwalbar da zai ba baƙo ya hau jirgi da ita ba za ta dawo ba, sisi. Mota zuwa Tasha da mai dako, a ce sisi. Nawa ke nan?"

Na ce sule takwas.

"A sayar sule bakwai. Ki gaya wa wancan, mai bai taɓa ciyar da ni ba. Ƙuli ne ribar. Na tiya ɗaya sule biyu ne, sai sule ɗaya ya rage mini. Amma garin nan na tiya biyu yake cinyewa a rana. Na ashirin wa zai ci?"

Na faɗa masa kamar yadda ta faɗa, har da ƙari. Ya yi dariya, ya miƙa ƙafa ya share ɓawon.

"Wannan lissafin tsofaffi ne. Itace ga shi a daji. Daka kuwa ba ga ku nan ba? Abin gida ai ba a sa masa kuɗi."

Wannan maganar ce ta fi ƙona mini rai. Gadon bayan Inna da ya sunkuya a kan turmi shekara ashirin da ɗoriya, shi ne abin gidan da ba a sa wa kuɗi. Na kalli Baba ko zai tsawata masa. Sai ya ce, "Yaro ya zo da niyya, kada a kashe masa gwiwa. Arziki na Allah ne." Saniyar ba tasa ba ce, shi ya sa tawakkalinsa ya yi yawa.

Na bi Inna ɗaki na ce ta hana. Ta ce, "In hana ɗan fari abu, a ce me a gari? A ce na fifita dabba a kansa?" Na ce ai kin san asara ce, ke kika auna. Ta ce ta sani.

Ranar Alhamis aka kora saniyar kasuwar Maigatari da cikinta.

Abin bai kai wata biyu ba. Matan da aka ɗauko suka ce ba kyauta suke daka ba. Itacen da ke kusa ya ƙare, aka koma saye a hannun masu jakuna. Fataken Tasha suka ga mutum da kaya mai yawa kuma jirgi na shirin tashi, suka taya sule shida da sisi, ya sallama don kada ya dawo da shi. Ƙuli ya cika kwanduna a ɗakin Inna har ya fara wari, aka riƙa zuba wa awakin maƙwabta. Kowace kwalba da ta fita gidan nan, da ɗan yankin saniyar ta fita.

Da kuɗi suka ƙare na zaci zai ji kunya. Ina, sai na ji shi a zaure yana gaya wa abokansa cewa tun ranar farko aka yi wa sana'ar baki. Wai an zauna an jera masa asara da ɓawon gyaɗa tun bai fara ba, ta yaya abu zai yi albarka? Su kuma suna ta "haka ne, bakin uwa ai kaifi gare shi." Zaure da tsakar gida katanga ɗaya ce, Inna ta ji komai. Tana tsugune tana hura wuta a ƙarƙashin kaskon tiya biyunta.

Can ta kira ni a hankali.

"Ke, je ki ce wa wancan, idan bakina ne, ya yafe mini."

Duk saƙon da ta taɓa ba ni zuwa gare shi na kai. Wannan ban kai ba.