Lambar Sirrin Likita

Kowa a kamfanin sabulun Likita yake ce masa, don shi ke duba kwamfuta idan ta kwanta. Shekararsa goma sha tara yana kula da ERP, manhajar da sito da masu saye da masu lodi duk suke aiki a cikinta. Ofishinsa ɗan ƙurya ne kusa da ɗakin saba, wato babbar kwamfutar kamfanin, akwai butar shayi da tabarau mai ɗaurin zare. Saura wata huɗu kwantiraginsa ya ƙare aka ɗauke ni gwaji, ban daɗe da gama jami'a ba. Kujerar aikin ɗaya ce, amma lokacin ban yi wannan tunanin ba.

Ranar farko ya rubuta min lambar sirrinsa a bayan kati.

"Riƙe, 'yata. Kafin su buɗe miki taki kin yi furfura."

Har gida na kai labarin, mahaifiyata ta sa masa albarka.

Shi ya koya min aikin. Idan an ce manhaja ta yi nauyi, in fara tambayar yaushe, a wane shafi, kuma mutum nawa. Ya nuna min yadda aiki ke kulle layukan da yake gyarawa a rumbun bayanai har sai ya kammala, duk mai son taɓa su ya tsaya jira. "Kar ki kalli masu jira," in ji shi, "nemi na gaban layi."

A watana na biyu aka fara. Kullum daga takwas na safe sito ya tsaya cak, takardar fitar da kaya ba ta fita, motoci sun yi jerin gwano har bakin titi. Shugaban sito ya leƙo yana huci.

"Mai digiri, tun da kika zo kwamfutar nan ta koyi barcin safe!"

Sai Likita ya iso wajen tara, ya tura ni ɗauko ruwan zafi, kafin in dawo komai ya warware. Direbobi har tafi suke masa. Manaja kuwa ta ce min takardar tabbatar da ni tana jiran ta ga ƙarshen wannan abu.

Wata Talata ban jira ya iso ba, na bi abin da ya koya min. Layin sadarwa lafiya. Sabar ba ta cika da lissafi ba, faifan ajiya ne ke nishi. Mutum goma sha bakwai na jira, na gaban layinsu aikin dare ne mai daidaita adadin kayan sito, yana riƙe da layukan kaya. A da, ƙarfe sha ɗaya na dare yake tashi ya gama cikin awa uku. Yanzu an mayar da shi huɗu na asuba. Ƙarfe biyar kuma wani rahoto ke tashi yana karanta shige da ficen kaya na shekara biyar, ba wanda ya nema. Su biyun suna kokawa a kan faifai, aikin awa uku ya koma shida. Da an tsayar da rahoton, aikin sai ya ƙarasa ya saki kullensa. Abin da ya sa ake aika ni ɗauko ruwan zafi ke nan.

Na duba wanda ya sauya lokacin. Sunan Likita ne, ranar da na cika wata guda.

Na buga bayanin a takarda. Ban kai wa manaja ba, shi na ajiye wa kusa da kofinsa.

"Baba, ko kuskure ne?"

Ya daɗe yana goge tabarau. "Kin iya aiki," ya ce. "Bar min, zan gyara."

Bayan azahar manaja ta kira ni. Takardata ce a gabanta, Likita na gefe, kansa a sunkuye.

"Kina shiga da lambarsa?"

"Ina shiga, ranki ya daɗe, amma shi ya..."

"Laifina ne da na ba ta," in ji Likita a hankali. "Yarinya ce, gwaje-gwaje take. Kar a tsananta mata."

Duk kamfanin sun san da lambarsa nake aiki. Ba ni da abin da zan nuna. Ranar Juma'a aka sallame ni, na miƙa katin shiga, shi kuma aka ƙara masa shekara biyu.

Mahaifiyata har yau tana tambaya ko na je na gaishe shi, don ban iya faɗa mata ba. Wani direba da na haɗu da shi a tasha ya ce tun da na tafi kwamfuta ke gudu kamar ruwa, ya yi dariya, ya ce kar in ji haushi. Katin da ya rubuta min lambar yana cikin jakata. Na san ya sauya lambar, amma duk lokacin da hannuna ya taɓa shi sai in yi sauri in zuge jakar.