Mangwaron Malam Sule da Wasiƙar Banki

Kamar kowace safiya, Malam Sule, mai kula da lambun wani gida a Nassarawa, yana jera mangwaron da ya tsinko, ƙamshi ya cika ɗaki. 'Yarsa Hafsat tana liƙe ambulan. Jiya ta yi intabiyunta na farko a banki, yau za ta kai wasiƙar godiya.

"Haɗa musu da kwandon nan," in ji shi. "Ya za ki je godiya hannu rabbana?"

"Baba, ba su zaɓi kowa ba tukuna! Toshiya za su kira shi, su soke sunana. Ga Shari'a ta shigo gari."

"Mangwaron ne toshiya?"

Ta yi dariya, ta gatsi nunanne ɗaya. Ta fice da wasiƙar kaɗai, tana kare ta daga ɗigon mangwaro.