Kwalbar da Malam Ashafa Ya Zarga

Malam Ashafa mutumin Kurfi ne, amma a kasuwar Dutsin-Ma aka san shi, inda ya shekara ashirin da bakwai yana haɗa turare a wata 'yar rumfa. Wurin kawunsa ya koyi sana'ar. Mutum ne marar yawan magana, sai fa in an taɓo turare.

Ba ya yarda mai saye ya shinshina bakin kwalba ya yanke hukunci. Sai ya ɗiga masa a bayan hannu, ya ce ya zaga kasuwa ya dawo. Wata rana wani makiyayi daga Rawayau, Lawal, ya dawo da kwalba yana faɗa, wai ba irin na abokinsa aka ba shi ba. Malam Ashafa ya sa aka kira abokin, ya shafa wa kowannensu daga kwalba ɗaya. Bayan ɗan lokaci hannu biyu suka ba da ƙamshi biyu.

"Turaren ɗaya ne, jikin ne ba ɗaya ba," in ji shi. "Fata mai maiƙo tana riƙe ƙamshi, busasshiya ta sake shi da wuri. Jiki mai zafi yana saurin tayar da shi. Sannan kowa da warin zufarsa, da abin da ya ci, da sabulunsa. Kai man shanu kake shafawa, shi kuwa ba ya shafa komai. A kan wannan duka turaren yake zama."

Akwai haɗi guda da bai taɓa sayarwa ba: sandal da wardi da ɗan miski, na matarsa Zaituna. A jikinta yakan kwanta ya yi taushi, ya wuni har la'asar.

A shekara ta ashirin da huɗu da aurensu ya fara jin haɗin ya canja. Kafin hantsi ya gudu daga jikinta, kuma idan ta matso tana magana sai ya ji wani zaƙi-zaƙi ya haye kan wardin, kamar mangwaron da ya wuce nuna.

"Uwar Batula, kin sake sabulu ne?"

"Wanda ka sani ne, Malam. Mi ka ji?"

"Ba komai. Sandal ɗin nan ne aka yi mani algus."

Ya daina saye wurin dilansa na Kano. Ya rage wardi, ya ƙara miski, ya sake kwalba. Wata huɗu yana wannan fama. A cikin watannin Zaituna tana ta ramewa, fatarta ta bushe, ba ta rabuwa da kofin ruwa. Ita ta ce zafin bazara ne, shi ma ya ce haka ne.

Ranar wata Laraba yana kasuwa aka kira shi, wai Zaituna ta faɗi a tsakar gida. A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta sunkuya a kanta, ta ɗago nan take.

"Baba, tun yaushe numfashinta yake wannan warin?"

Ya faɗa mata.

"Ciwon suga ne. In ya yi tsanani jiki yakan koma ƙona kitse, abin da ya fito daga nan shi ne kake ji a numfashi. Shi ne kuma ya busar mata da fata."

Ya ce to. Ya tsaya yana kallon ledar ƙarin ruwa tana ɗiga. Kwana biyu ta yi ba ta farfaɗo ba, ranar Juma'a da hantsi ta cika.

Bai yi kuka ba. Ya karɓi gaisuwa, yana amsa "amin" inda ya kamata. Ya ci abin da aka ajiye masa ba tare da ya san ko miyar mece ce ba. Bayan addu'ar bakwai ɗiyarsu Batula ta sami kwalabe shida a ɗakin uwarta, duk haɗe-haɗen watannin nan. Ta shafa ɗaya a hannunta. Ƙamshi ya tashi lafiya lau, ba zaƙin nan, amma kuma ba na Zaituna ba ne.

"Baba, ai ba abin da ya sami turaren nan."

"Na sani," ya ce. "Ki tafi da su."

Ya koma kasuwa bayan sati biyu. Hannunsa bai manta awo ba, hancinsa ma lafiyarsa ƙalau, yana rarrabe komai, sai dai babu wanda yake yi masa daɗi ko ya dame shi. Dilan Kano ya aiko da ta'aziyya, ya amsa, ya koma saye a wurinsa.

Shekara uku ke nan. Da safe ya hau mota daga Kurfi, da yamma ya koma. Maƙwabcinsa Tukur mai sayar da huluna ya taɓa tambayarsa ko ba zai ƙara aure ba. Malam Ashafa ya ce zai duba, ya ci gaba da goge kwalabe.