Famfon da ba ya tashi da asuba

Shekarar da nake aiki a wani ƙaramin buro, wato ofis, a Birnin Konni, muna sayar da famfunan ban ruwa masu aiki da hasken rana. Uwar kamfanin tana Yamai. Daga can aka aiko mana da shafukan majigi na talla, irin waɗanda ake haskawa a bango mutum yana tsaye yana bayani. Sun yi kyau, ba laifi: ga hoton gona shar, ga wani manomi yana murmushi da riga fes kamar bai taɓa shiga laka ba, ga manyan haruffa da Faransanci cewa ruwa duk yini, ba mai, ba hayaƙi.

Wani mutumin Yamai ya zo ya haska su a taron masu noman albasa na Tsarnawa. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikin waɗanda suka zauna a layin gaba. Shi ya riƙe ni lokacin da nake lakwal, wato makarantar boko, kuma duk abin da yake da shi a duniya yana cikin garkar albasarsa da wani tsohon injin ban ruwa mai shan mai. Bayan taron ya kira ni a waya ya ce ya gaji da bin ƴan bumburutu da jarka, zai sayar da injin ya ɗauki namu. Na ji daɗi ƙwarai, don ina son ya huta.

A satin ne daraktanmu ya ajiye mini aiki. Ya ce manoma suna ta kira da tambayoyi iri ɗaya, in ɗauki shafukan nan in mayar da su takardar tambaya da amsa, da Hausa da Faransanci, wadda za a ba mai saye a hannu ko a karanta masa a tura a waya. Na ce cikin raina wannan ai aikin yini ɗaya ne.

Da na zauna sai na ga ashe shafin majigi rabin magana ne, sauran rabin yana bakin mai haskawa. A takardar mai saye kuwa babu wanda zai tsaya kusa da shi ya cike gurbi. Na fara da shara. Tarihin kamfani, taswirar ƙasashen da muke fatan shiga, hoton shugabanni sun sha kwat, duk na ture gefe, domin ban taɓa jin manomi ya tambayi ɗaya daga cikinsu ba. Sauran shafukan na juya su ɗaya bayan ɗaya. Inda aka rubuta cewa kayan suna da ƙarko, na sa: in ya lalace, wa zai gyara, kuma a ina? Inda aka rubuta sauƙin kafawa, na sa: zan iya kwance shi in kai gida da yamma? Wani shafin ya haifi tambaya uku, wani ko ɗaya bai haifa ba. Na jera su yadda ake yawan yi mana su a waya, na kuma sa wa kaina doka cewa kowace amsa za ta fara da i ko a'a kafin bayani.

Wannan dokar ce ta tsayar da ni a shafin ruwa duk yini. Na tashi a gidan masu garka, na san yadda ake ban ruwa a wajenmu. Ana idar da sallar asuba mutum zai wuce garka, ya shayar da fangali kafin rana ta yi zafi, ya dawo ya kwanta a inuwa, sai kuma la'asar sakaliya. Tsofaffi ba sa son sakin ruwa a kan dashe da tsakar rana. Don haka na rubuta tambayar yadda kawu zai yi ta: zan iya ban ruwa da asuba? Na juya shafukan gaba da baya, babu i, babu a'a.

Na kira injiniyan kamfani a Yamai. Mutum ne mara kwana-kwana. Ya ce wannan samfurin ba shi da batir, daga farantan sola wuta take zuwa kai tsaye. Da asuba ba zai motsa ba. Da hantsi zai fara a hankali, ƙarfinsa da tsakar rana ne, rana na karkatawa ruwan na raguwa. Mai son ban ruwan safe sai ya gina tanki a wuri mai tudu, ya cika shi da rana, ya saki washegari. Ya ƙara da cewa zurfin rijiya da yawan ruwan da aka rubuta a shafi ɗaya ba tare suke zuwa ba, in rijiya ta yi zurfi ruwan da ke fitowa raguwa yake yi. Na tambaye shi me ya sa ba a faɗa a majigi ba. Ya ce shi ba ya rubuta talla.

Na rubuta amsar, na fara da a'a. Darakta ya karanta ya ɓata rai, ya ce ko za mu sassauta, mu ce famfon yana aiki daidai da hasken rana. Raina ya ɓaci. Na ce masa wanda ya saya ya ga babu ruwa da asuba ba Yamai zai je ba, ƙofar nan zai zo, kuma ni zai tarar. Ya tura Yamai, suka amince da a'ar a ranar.

Ban jira an buga ba. Na hau kabu-kabu zuwa Tsarnawa, muna kauce wa tirelolin siminti na Malbaza. Na tarar da kawu a bakin rijiya, injin yana gefensa an goge shi tas. Muka gaisa, na tsuguna na karanta masa daga waya. Ya saurara, ya ce in sake, na sake.

"To, ɗiyata," ya ce, "magana ta hito sarai. Sai dai jiya munka gama da maƙwabcina. Na sallama mai injin."

"Kawu, ai bai ɗauka ba. Ka ce mai ka hwasa."

"Da wane baki? Gaban mutane nic ce na sallama. Don ya bar min shi in yi ban ruwan yau, shi na za ni saka mai da hwasawa?"

Na san ba zai janye ba, kuma da ya janye da ba kawuna ba ne. Na ji kamar in yi kuka, ya lura, ya ce in bar wannan, in shiga gari in karanta wa sauran da suke shirin sayar da nasu. Na zaga garka-garka har magariba. Wasu suka riƙe injinansu suka ɗauki famfon a kai, wasu suka ce sai sun gina tanki.

Kawu ya ɗauki famfon ba tanki, don kuɗin ginin sai bayan an kwashe albasa mai zuwa. Damina ta wuce, aka yi dashe. Wata safiya na kai masa takardar da aka buga, na iso rana ba ta gama fitowa ba. Gida aka ce yana garka tun asuba. Na same shi zaune a bakin rijiya ya lulluɓa da mayafi, tiyo a hannunsa ba ko ɗigo, injinan maƙwabta suna ta ruri ta kowane gefe, har da nasa na da. Ya matsa mini wuri a kan buhu.

"Zamna, ɗiyata," ya ce. "Da sauran jira."