Kujerar da Aka Ajiye wa Baba

Abin da na fara gani da na shiga ɗakin taron malamai ranar nan shi ne kujera guda ta katako a tsakiyar ɗaki. An jera sauran kujerun roba a bayan dogon tebur, ita kuwa an ware ta ita kaɗai tana fuskantarsu. Ƙafarta ɗaya ta gajarta, an tokare ta da gutsuren kwali. Na san kujerar. Ita ake ajiye wa ɗalibar da aka kama da laifi idan kwamitin ladabtarwa zai zauna. Wannan karon Babana ne a kanta, hularsa a kan gwiwa.

Baba shi ne mai kula da siton abinci a makarantarmu ta kwana ta 'yan mata, a ƙasar Faskari. Tun da gonarmu ta wajen Daudawa ta gagari zuwa, aikin nan ne cinmu, kuma ɗakin da muke kwana a bayan kicin ma na makaranta ne. Ina aji biyu na babbar sakandare a lokacin, kuma ban cika magana ba ko a cikin aji.

A makon ne masu bincike suka zo daga Katsina. Odita ake ce musu. Su biyu ne, wani dattijo mai furfura a gemu da wata mata mai tabarau. Sun duba sito, sun ɗaga buhuna, sun yi wa masu dafa abinci tambayoyi. Wata safiya matar ta same ni ina auna wa masu girki masara. Ta ce, "Ina mai siton?" Na ce ya tafi kasuwar Sheme. Ta ce, "To wa ya buɗe miki?" Sai na zaro makullin da ke rataye da igiya a wuyana na nuna mata. Ta yi murmushi, ta rubuta wani abu. Tun daga lokacin na san na jawo wa Baba magana.

Ranar da za su tafi akwai zaman ƙarshe, inda suke gaya wa shugabannin makaranta abin da suka gani kafin su rubuta rahoto. Tun jiya sun ba Hajiya, shugabar makarantarmu, jerin abubuwan da za a tattauna. Ita kuwa da ta ga maganar makulli a hannun ɗaliba, sai ta shirya zaman yadda ta saba shirya duk zaman da akwai mai laifi a cikinsa. Ta sa aka kira ni daga aji, aka tsayar da ni jikin bango. Makullin yana nan a ƙarƙashin hijabina, ina jin sanyinsa a ƙirji.

Mataimakin Hajiya yana zaune a damanta, basa mai riƙe da kuɗin makaranta a hagunta yana ta murza biro. Babu wanda ya dubi Baba.

Da baƙin suka shigo, dattijon ya yi sallama, ya tsaya yana kallon kujerar. Hajiya ta ce, "Alhaji, ga shi nan, ga kuma ɗiyar tashi. Mu ba mu ɓoye ɓarna. Ku faɗi abin da ya yi, ni kau yau ɗin nan zan rubuta a sallame shi."

Na jingina da allon sanarwa, wani fil ya soke ni a kafaɗa, ban ko motsa ba.

Dattijon ya ce, "Hajiya, ai mu ba alƙalai ba ne, ko rawani ba mu zo da shi ba." Mataimakin ya yi dariya kaɗan, ya haɗiye ta da ya ga fuskar Hajiya. Dattijon ya ce wa Baba, "Malam, taso da kujerarka nan kusa da ni. Sitonka za a yi magana a kai, kai ka fi kowa saninsa." Sannan ya waiwayo gare ni. "Yarinya kuma ta koma. Zaman na masu gudanar da makaranta ne."

Na fita, amma ban koma aji ba. Na durƙusa a baranda ƙarƙashin tagar da gilashinta ɗaya ya fashe, ina jin komai, ina kuma hangen gefen teburin.

Bayan addu'a, dattijon ya faɗi yadda zaman zai tafi. Ya ce za su tuna wa kowa abin da aka turo su dubawa, su faɗi abin da suka samu daidai, sannan abubuwan da ke buƙatar gyara, daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi. A kan kowanne za su tsaya su ji ko sun yi kuskure, su ji ta bakin makaranta, a kuma ajiye wanda zai yi gyaran da lokacin da zai gama. Ya ce yana so a tashi kafin azahar, don hanya ba ta son yamma. Ya ƙara da cewa babu abin da za su faɗa wanda ba su riga sun tattauna da mai shi ba. Sai na tuna jiya na ga matar zaune da Baba a kan buhu a ƙofar sito, suna magana a hankali.

Ya yi godiya a kan ruwan sha da haƙurin masu girki. Ya ce aikin da aka turo su shi ne duba yadda abincin ɗalibai ke shiga sito da yadda yake fita a zangon karatun da ya wuce, ban da gini da albashi. Ya ce abin da suka ƙirga a sito ya yi daidai da abin da ke rubuce, kuma buhunan suna kan katako, ba a ƙasa ba. Na ji Hajiya ta ce, "To, alhamdulillahi," da muryar da ba ta gama sauka ba. Ni dai ban ji sanyi ba. Na san ana gyara wa rago wuri kafin a kayar da shi.

Matar ce ta karanta na farko. Ta ce mutum ɗaya ne ke sayo abinci, shi ke karɓa, shi ke fitarwa, shi ke rubutawa. Ta ce ba su ga alamar an ɗauki komai ba, amma idan wani abu ya ɓata ba za a iya gane inda ya ɓata ba, kuma shi kansa mutumin ba shi da wanda zai shaide shi. Na biyu, ta ce idan ba ya nan, makullin sito yana zama a hannun wanda makaranta ba ta ba izini ba. Ba ta ce ɗaliba ba, ba ta ce 'yarsa ba. Na dafe makullin da tafin hannuna kamar zai yi ƙara.

Hajiya ta ce, "Yo ai shi ne nake faɗi! Wa ya ce ya ba ta?"

Dattijon ya ce, "Mu fara da wannan, Hajiya. Abin da aka karanta haka yake, ko mun yi kuskure?"

"Haka yake."

"To mi ke fitar da mai sito daga sito a ranar aiki?"

Ina ganin hannun Baba yana murɗa bakin hularsa. Na san ba zai yi magana ba. Ba zai ce a gaban baƙi Hajiya ce ke aikensa ba, ko da shirun zai ci aikinsa. Ni na sani, masu girki sun sani, amma duk muna waje. Na cusa bakin hijabina a baki na cije.

Dattijon bai matsa wa Baba ba. Ya juya ga basa ya ce, "Malam, sayayya a ƙarƙashin ofishinka take. Wa ke zuwa kasuwa?"

Basa ya ajiye biro. Ya ce, "Gaskiya shi muke turawa. Ya fi mu iya ciniki, ni in na tafi sai su ga takalmina su ƙara kuɗi." Sannan ya ce, "Kuma ba a ajiye wanda zai tsaya mishi ba. 'Yan mata kau ba su jira a dawo daga Sheme kafin su ci."

Hajiya ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Na ce a raina yanzu za ta fashe, kuma a kan Baba zai ƙare. Sai dattijon ya ce, cikin muryar da bai ɗaga ba tun da ya shigo, "Shi ya sa muka sa shi a kan tsari, Hajiya. In kin canza mutum kika bar tsarin, baɗi mu dawo mu rubuta abu guda. Hukuncin ma'aikaci naki ne, ba mu da hannu a ciki. Abin da za mu ɗauka a rahoto shi ne gyaran da kika amince da shi. Mi kike ganin za a iya yi?"

Ta gyara mayafinta. Ta ce basa zai riƙa zuwa kasuwa da kansa, da takalminsa. Mataimakinta zai shaida duk kayan da suka shigo, kuma makulli na biyu, wanda ke wuyana, zai koma hannun mataimakin daga yau. Matar ta rubuta, ta karanta musu, ta tambayi lokacin da za a fara tsarin sayayyar. Aka ce kafin ranar kasuwa mai zuwa.

Sauran ba su daɗe ba. Akwai maganin feshi da aka ajiye a lungun sito, wanda Baba ya ce da bakinsa kuskurensa ne, kuma ya fitar da shi tun jiya. Matar ta ce za su rubuta an gani, an kuma gyara. Akwai rufin da ke yoyo, wanda Hajiya ta ce ya fi ƙarfin makaranta, aka rubuta amsarta yadda ta faɗa. A ƙarshe dattijon ya ce za a aiko da daftarin rahoto su duba, su rubuta amsarsu kafin a fitar da na ƙarshe. Aka shafa fatiha. Hajiya ba ta sake ambatar sallama ba. Da za ta fita dai ta ce wa Baba, "Malam, a kai makullin nan yanzu," ba tare da ta dube shi ba.

Baba ya fito ɗauke da kujerar katakon, gutsuren kwalin a ɗaya hannun. Ya same ni a durƙushe. Ya ce, "Ke ba aji aka ce ki tafi ba?" Na kai hannu bayan wuyana in kwance igiyar, amma zufa ta jiƙa ƙullin ya ɗame.

Na ce, "Baba, don Allah ka kwance mini shi, ka kai wa mataimakin Hajiya da kanka. Ni ba zan iya shiga ofishin nan yau ba."