Babur ɗin da muka saya da shinkafar bara

A gidanmu na Gummi akwai wani ɗaki da ba a kwana a cikinsa, na buhunan shanshera ne, wato shinkafar da ba a sheme ba. Maigidana ke sayowa da kaka wurin manoman fadama. Ni ce mai jiƙawa da turarawa da shanya, a kai inji a sheme, shi kuma ya zauna a kasuwa da kwanon awo. Har yau idan na ji warin gumi, wato turarar shinkafa, sai zuciyata ta koma tsakar gidan nan, da hayaƙinsa da kajin maƙwabta da ba su da kunya.

Mutum ne mai haƙuri, Allah ya jiƙansa, amma yana da ciwo guda: babur. Ko yana tsakiyar magana, babur ya wuce, to sai ka jira wuyansa ya dawo.

Wata shekara, farkon shekarun dubu biyu, ruwa ya cinye fadama. Shanshera ta yi tsada, buhu ashirin kawai ya iya saya a kan dubu ɗaya da ɗari biyar kowane. Ba mu damu ba, don mun shiga shekarar da buhu arba'in na bara, waɗanda muka saya dubu ɗai-ɗai. Muka yi ta ciniki, kuɗi na shigowa, ba a fita saye. Gab da sabuwar kaka ya yi lissafinsa shi kaɗai: ciniki dubu ɗari, ya cire dubu talatin na saye, ya cire dubu goma na itace da inji, ya ga dubu sittin a gabansa. Bai yi shawara da kowa ba, sai ga shi da tsohon babur na dubu hamsin, yana turo shi cikin zaure kamar ya auro shi. Ba zan ɓoye ba, ni ma na yi guɗa.

Al'adata ce kafin sabuwar shanshera ta shigo in fitar da komai daga ɗakin, in share, in toshe ramukan ɓera. Da nakan nemi majiya ƙarfi su taya ni. Wannan karon buhu huɗu na tarar a lungu, muryata har amsawa take. Na tsaya da tsintsiya a hannu.

Na kira shi. "Malam, zo ka gani. Buhu nawa munka shigo shekarag ga da shi?"

"Arba'in mana."

"To ina su?"

"Mun sai da, ke ma kin sani."

"Kyauta munka same su?"

Ya tsuguna a ƙasan da ban gama sharewa ba, yana zane da yatsa. Na bara dubu arba'in, na bana dubu talatin, kayan da suka ratsa ɗakin dubu saba'in ke nan. Saura buhu huɗu, duka na bana, don tsohuwar muka fara turarawa. Ya so ya yi musu kuɗi da farashin kasuwar ranar, na ce a'a, yadda muka saya za a sa, ribar da ba a ci ba ba a ƙirga ta. Dubu shida. Ya cire, ya rage dubu sittin da huɗu: abin da shinkafar da muka sayar ta ci mana ke nan. A cire wannan daga dubu ɗari, a cire itace da inji, riba dubu ashirin da shida. Kusan rabin babur ɗin jarinmu ne.

Raina ya ɓaci, na faɗi maganganu, har da cewa ya ɗaura wa babur ɗin kwanon awo mu ga ko zai yi ciniki. Da ya rama da na fi jin daɗi.

Manoma sun fara yankan shinkafa, kuma wanda bai saya da kaka ba ya yi ta sayen tsada har shekara. Dubu goma ke hannunmu da buhu huɗu. Bai kai mako ba ya samu mai sayen babur ɗin, da ragin dubu biyu.

Ranar da za a zo ɗauka, da sassafe ya ce, "Ɗauko mayahinki. Akwai sauran mai cikin tanki, mu tahi Zugu ki gaida Inna."

Na shekara biyu ban ga mahaifiyata ba. Ya tuƙa a hankali, yana kauce wa kowane rami, yana gaida mutanen da bai sani ba. Ni ina baya na riƙe ƙarfen sirdi, iska na cika mini mayafi, ina kuka ba tare da ya sani ba. Inna ta fito ta zagaya babur ɗin, ta shafa fitilarsa, ta yi ta sa albarka.

"Allah ya tsare, ɗana. Naka na?"

Ya dube ni, ya yi murmushi.

"Nawa na, Inna," in ji shi. "Har la'asar."