Yis ɗin da bai yi kumfa ba

Ni na lalata kwaɓin buhu biyu na fulawa, amma mai awonmu aka kora.

A gidan burodinmu na Gaya, garin yis muke zubawa kai tsaye cikin fulawa. Da ya ƙare, maigida ya kawo ɗanye na curi daga Kano. Shi ana ninka nauyin na gari sau uku. Mai awon, dattijo ne mutumin Toranke, ya auna daidai ya miƙo mini.

Ya ce, "Ƙanena, curin nan ya kwana biyar cikin zafi. Gwada shi tukuna, mai rai kumfa yake yi a ruwa. In ya mutu, jiƙa busasshen yis mai tsaki-tsakin nan da ke ajiye, awon garin yis ɗaya da kwata."

Na marmasa kaɗan a ruwan ɗumi da sukari. Minti goma, ko kumfa babu. Na gani da idona. Ina saurin tafiya gona, sai na zuba shi haka.

Kwaɓi bai tashi ba. Maigida ya ce dattijo ya manta ninkawa. Dattijon ya dube ni, na sunkuyar da kai.

Har yau ina gidan burodin. Ni ke riƙe da sikelin dattijon.